Baƙin albarushi da albarushi marar hayaƙi: me ya sa mudu ɗaya ba ya auna su

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san yadda 'yan bindigar sarki suke cika fili da farin hayaƙi. Ƙarar mai kauri ce, tana dukan ƙirji, sannan wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya biyo baya. Soja kuwa idan ya harba tasa bindigar, ƙara ce siririya mai tsaga kunne, hayaƙin kuma da ƙyar ido ke kama shi. Mutane da yawa sun ɗauka bambancin ke nan, wai ɗaya tsohon yayi ne mai hayaƙi, ɗaya kuma sabon yayi ne da aka tace. Wannan fahimta tana da haɗari, domin ita ce ke sa maharbi ya fasa harsashin zamani, ya juye garin da ke ciki a bindigar toka, yana ganin ya samu albarushi mai kyau. Abubuwa biyu ne daban tun daga asalinsu, kuma hayaƙin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya raba su.

Baƙin albarushi gauraye ne na abu uku: gishirin fotasiyam naitiret, wanda masana ke rubutawa KNO₃, da gawayi, da farar wuta. Gishirin ya fi yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, gishirin kuma shi ke ba da iskar oksijin da wuta ke bukata, shi ya sa albarushi yake ci ko a wurin da iska ba ta shiga. Abin lura shi ne, ukun nan suna zaune ne kusa da juna kawai, kowanne da halinsa, ba su narke sun zama abu guda ba.

Marar hayaƙi kuwa ginshiƙinsa naitiroselulos ne, wato auduga ko ɓargon itace da sinadari ya canza wa hali, har makamashi da oksijin suka kasance a cikin ƙwayar sinadari guda. Christian Schönbein ya fito da wannan auduga a 1846, amma ta yi shekaru tana fasa bindigogi da masana'antu saboda saurin cinta. Sai a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano yadda za a mayar da ita dunƙulallen abu mai tauri kamar ƙaho, wanda wuta ba ta iya ratsa cikinsa, sai dai ta ci shi daga waje zuwa ciki. Shi ne aka sa wa suna Poudre B, aka kuma ƙera masa bindigar Lebel a 1886. Alfred Nobel ya biyo baya a 1887 da nasa wanda aka haɗa da naitirogilisarin, Ingila kuma ta fito da kodayit a 1889. Har yau iri biyu ne suka fi yawa, mai ginshiƙi ɗaya, wato naitiroselulos kaɗai, da mai ginshiƙi biyu, wanda aka haɗa da naitirogilisarin.

To, mu fara da saurin ci, domin nan ne gizo ke saƙa.

A fili, inda babu abin da ya tsare shi, baƙin albarushi yana tashi fuu lokaci guda, kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Marar hayaƙi a fili ba ya yin haka. Yana ci da harshen wuta mai ruwan lemo, a hankali, har mutum ya iya bin sa da ido. Wanda ya ga wannan sai ya yanke hukunci cewa baƙin ya fi ƙarfi, na zamanin kuma mai sanyi ne. Hukuncin kuskure ne, domin a cikin bindiga al'amarin yana juyewa gaba ɗaya.

Dalilin shi ne, saurin cin kowane albarushi yana ƙaruwa idan matsi ya ƙaru a kansa, amma ba daidai suke amsa matsin ba. Vieille ɗin nan ya rubuta alaƙar a taƙaice:

```
r = a × P^n
```

A nan r shi ne saurin da wuta ke cin fuskar ƙwayar albarushi, P shi ne matsi, a adadi ne da ya danganta da irin albarushin, n kuma shi ke nuna yadda albarushin yake jin matsi. Na baƙin albarushi ƙarami ne. Na marar hayaƙi babba ne, yana dosar 1. Mu ɗauki 0.2 ga baƙi da 0.8 ga marar hayaƙi don misali. Idan matsi ya ninka sau biyu, saurin cin baƙin zai ƙaru da kashi 15 cikin ɗari kacal, na marar hayaƙi kuwa zai ƙaru da kashi 74. Idan matsin ya ninka sau goma, baƙin bai kai ninki biyu ba, marar hayaƙi kuwa ya haura ninki shida.

Yanzu a duba abin da wannan ke haifarwa a bayan harsashi. Wuta ta kama, iska mai zafi ta fara fita, harsashi bai motsa ba tukuna, matsi ya hau. Hawan matsin ya sa marar hayaƙi ya ƙara saurin ci, saurin cin ya ƙara iska, iskar ta ƙara matsi. Haka abin ke ciyar da kansa, kuma duka yana faruwa cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na daƙiƙa. Abin da kawai ke tsayar da wannan hawa shi ne harsashi ya fara tafiya ya buɗe wa iskar wuri, ko kuma albarushin ya ƙare. Idan an zuba fiye da ƙima, ko harsashin ya yi nauyi, ko an danna shi da ƙarfi ya matse, matsin zai riga harsashin, sai ƙarfen ya buɗe masa hanya ta gefe. Baƙin albarushi ba shi da wannan hali sosai. Ko matsi ya hau, cinsa ba ya zabura, shi ya sa ƙarin ɗuri kaɗan yakan ƙare a ƙarin hayaƙi da ƙarin naushin kafaɗa, wani sashen garin ma ya fito ta bakin bindiga bai gama ƙonewa ba.

Tunda baƙin ba ya jin matsi sosai, hanyar sarrafa saurinsa ita ce girman ƙwaya. Kamar icen girki ne: gungume yana daɗewa yana ci, amma idan aka faskara shi ƙanana sai ya cinye nan da nan, domin wuta ta samu fuskoki da yawa. Masu sayar da shi a ƙasashen waje suna rubuta Fg a kan mai manyan ƙwayoyi na manyan bindigogi, FFg da FFFg a kan matsakaita, FFFFg kuma a kan mai laushi ƙwarai da ake barbaɗawa a wurin tartsatsin bindigar ƙyastu. Mai laushin idan aka cika bututu da shi yana ba da matsi fiye da mai manyan ƙwayoyi, ko da nauyinsu ɗaya.

Marar hayaƙi sarrafa shi ya fi haka zurfi. Ana yanka shi falle-falle sirara, ko dunƙule-dunƙule, ko 'yan sanduna masu rami a tsakiya. Ramin yana da aiki: yayin da wuta ke rage ƙwayar daga waje, tana faɗaɗa ramin daga ciki, don haka fuskar da ke ci ba ta raguwa da sauri, iskar kuma tana ci gaba da tura harsashi har ya yi nisa a bututu. Ana kuma shafa wa wasu sinadarin da ke rage saurin kamawar farko. Sakamakon haka akwai ire-irensa da yawa ƙwarai, daga mai saurin gaske na ƙaramar bindigar hannu da bindigar tsuntsaye, zuwa mai jinkiri na doguwar bindiga. Biyu daga cikinsu suna iya yin kama a ido, amma idan aka musanya su bindiga ta tarwatse. Akwai kuma tarko guda: ana shafa wa yawancinsu garafayit, irin baƙin da ke cikin fensir, don kada su manne da juna, sai su fito baƙi ko toka-toka. Launi ba ya gaya wa kowa irin albarushin da ke hannunsa.

Sai batun abin da ke saura bayan harbi. Idan baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa, wajen kashi 55 cikin ɗari, ba ya zama iska. Yana zama daskararrun gishiri irin su fotasiyam kabonet da fotasiyam salfet da fotasiyam salfayid. Wani sashe ya fita a matsayin farin hayaƙin da muke gani, sauran ya liƙe a cikin bututu. Marar hayaƙi kuwa kusan dukkansa yana komawa iska. Wannan shi ne tushen bambancin ƙarfinsu. Giram ɗaya na baƙi yana ba da iskar da ba ta kai sulusin lita ba idan ta huce, giram ɗaya na marar hayaƙi kuwa yana ba da kusan lita guda. Ninki uku ke nan, kuma iskar tasa ta fi zafi.

Wanda ya taɓa leƙa bututun bindigar toka bayan harbi ya san wannan dauɗa. Da farko baƙa ce mai laushi, idan ka sa yatsa a bakin bututun sai ya fito kamar ka taɓa gindin tukunya. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, tana ƙanƙamewa ta yi tauri, ɗuri na gaba ya ƙi sauka sai da duka. A damina kuma tana jan laima daga iska, washegari ka tarar ta jiƙe ta yi danƙo, bayan kwana biyu jan tsatsa ya fito a ƙarƙashinta. Tsatsar ba a bakin bindiga take yin ɓarna ba. Tana taruwa a gindin bututu, inda albarushi ke zama, inda ido ba ya kaiwa, inda kuma matsi ya fi yawa. Shekara da shekaru tana cin ƙarfen daga ciki, bindigar tana sheƙi a waje alhali bangonta ya sirance.

Maganin wannan dauɗa ruwa ne, ruwan zafi ya fi, domin gishiri ce kuma gishiri a ruwa yake narkewa. A wanke har ruwan ya fito fari, a busar sarai, sannan a shafa mai. Mutane da yawa suna tsallake wankin su zuba baƙin mai ko man inji kai tsaye. Man ba ya narkar da gishirin, rufe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba a ƙasa, idan kuma aka sake harbi sai man ya haɗu da tokar su zama wani abu kamar kwalta mai wuyar fita. Marar hayaƙi yana barin ɗan baƙin kunkunniya da gogen jan ƙarfe daga jikin harsashi, waɗanda ba sa jan laima haka. Sai dai tsofaffin harsasan soja da yawa suna da abin tayar da wuta a gindin kwanso mai barin gishirin fotasiyam kulorayid, shi ma yana kawo tsatsa, shi ma ruwa ke fitar da shi.

Tarihin harsashin .303 na Ingila ya nuna duk waɗannan a wuri guda, tunda kwanso ɗaya ne ya ɗauki albarushin iri biyu. Da aka fara shi a ƙarshen shekarun 1880, ana danna masa baƙin albarushi wajen giram 4.6, yana tura harsashi mai nauyin kusan giram 14 da gudun mita 560 a daƙiƙa. A 1891 aka koma kodayit. Giram 2 kacal, ƙasa da rabin nauyin farko, ya tura harsashin nan da gudun kusan mita 600 a daƙiƙa, babu hayaƙin da zai rufe wa soja ido ko ya tona inda yake. Amma an biya farashi. Zafin kodayit ya riƙa cinye zanen cikin bututun bindigar Lee-Metford, wato layukan da ke murɗa harsashi, wanda aka yi shi marar zurfi musamman don kada tokar baƙin albarushi ta maƙale. Dole aka sake zanen ya yi zurfi, aka samu Lee-Enfield a 1895. Baƙin albarushi yana lalata bututu da tsatsa bayan harbi, marar hayaƙi kuma yana lalata shi da zafi a lokacin harbin. Rashin tokar ne kuma ya ba bindiga mai sarrafa kanta damar yin harbi ɗaruruwa ba ta toshe ba, irin Maxim da sojojin Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903.

Mu zo kan matsi da adadinsa. Ana auna shi da bar, bar ɗaya kuwa kusan nauyin iskar da ke kanmu ne a kullum. Tayar mota tana ɗaukar biyu zuwa uku. Hukumar C.I.P., mai sa ƙa'idar gwajin bindigogi a ƙasashen Turai da dama, ta sa iyakar harsashin bindigar tsuntsaye mai lamba 12 na yau da kullum a bar 740. Na 7.62×39, wato harsashin AK-47, iyakarsa 3,550, na doguwar bindiga .308 kuma 4,150. Bindigar da ake ɗurawa ta baki da baƙin albarushi yawanci tana aiki ne a ɗaruruwan bar, mai nauyin ɗuri ta haura dubu. Ƙarfen bindigar zamani da makullin gindinta an yi su ne don dubban, an kuma gwada su da harsashin da ya fi na kullum matsi kafin a sayar. A Ingila, gidan gwaji na Birmingham yana wannan aiki tun 1813, kuma bindigar da ta ci gwajin marar hayaƙi ana buga mata hatimi dabam, irin mai haruffan NP, don a bambanta ta da wadda aka gwada da baƙi kawai.

Bindigar toka da maƙeri ya ƙera a ƙauye ba ta ga wannan gwaji ba. Sau da yawa bututunta bututun ruwa ne ko na wani sashen mota, wani ma da ɗinkin walda a tsawonsa, gindin kuma toshe shi aka yi aka liƙe. Ba raina aikin maƙera nake yi ba; sun yi ta ne don baƙin albarushi, kuma sassaucin halinsa shi ke sa take daɗewa a hannun mafarauci.

Ga yadda lissafin hatsarin yake. Tsohon ɗurin bindigar tsuntsaye mai lamba 12 da baƙin albarushi ya kai wajen giram biyar da 'yan kai. Harsashin zamani mai yin wannan aikin yana ɗauke da marar hayaƙi tsakanin giram ɗaya da biyu, an auna shi da sikeli a masana'anta, an daidaita shi da nauyin dalma da irin toshiyar da ke tsakaninsu. Maharbi kuwa da mudu yake awo, ɗan ƙaho ko murfin kwalba ko tafin hannu, kuma da baƙin albarushi wannan awo yana wadatarwa. Idan ya cika wannan mudun da garin da ya fasa daga harsasai, ko da yake garin ya fi sauƙin nauyi, zai iya zuba ninki biyu na abin da bindigar zamani mai gwaji take ɗauka, ko fiye. Irin da ke cikin harsashin tsuntsaye kuma yana cikin mafiya saurin ci. Ya ɗora tsumma, ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe da ba a auna ba, ya danna da sanda iya ƙarfinsa kamar yadda ya saba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara matsin farko, kuma mun ga abin da matsi ke yi wa marar hayaƙi. Ninka awo sau biyu ba ya tsayawa a ninka matsi sau biyu, yana wuce haka nesa. Matsin yana kai ƙololuwa tun dalma ba ta yi tafiyar tsawon yatsa ba, wato a gindin bututu, daidai inda tsatsa ta ci, inda aka liƙe toshiya, tsakanin hannun hagu da fuskar mai harbi. Rage awon ba mafita ba ne, domin tazarar da ke tsakanin abin da ya yi kaɗan da abin da ya yi yawa ƙanƙanuwa ce, mudu ba ya iya ganinta, babu kuma wanda ya san iyakar wannan bututu. Gauraya iri biyun ma haka: baƙin yana kama wuta nan take ya ɗaga matsi, ya miƙa wa marar hayaƙi yanayin da ya fi haukata shi. Babu wani awo na marar hayaƙi da ya dace da bindigar toka.

Kada kuma a ɗauka baƙin ba ya fasa bindiga. Andrew Noble da Frederick Abel sun ƙone shi a rufaffen ƙarfe da aka cika taf a shekarun 1870, suka auna matsin da ya haura bar dubu shida. Abin da ke hana shi kaiwa nan a bindiga shi ne harsashi yana gocewa da wuri. Idan laka ta toshe bakin bututu, ko aka manta aka yi ɗuri a kan ɗuri, ko dalma ta tsaya a rabin hanya saboda toka ta bar sarari tsakaninta da albarushi, bututun zai iya kumbura ko ya tsage. Alamun da ke gaba da wannan ana iya ganinsu. A shafa bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, a ji ko akwai wurin da ya tasa. A leƙa ciki da haske, a duba ko akwai wani duhun zobe. A duba ko baƙin hayaƙi yana fitowa ta wajen liƙin gindi, ko kuma abin da ke dukan wuta yana komawa baya da kansa bayan harbi. Bindigar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan ta gama aiki, walda ba ta mayar da ita.

Ajiyarsu ma ta bambanta. Baƙin albarushi yana iya shekaru masu yawa bai canza ba muddin ya bushe, amma laima tana kashe shi, tartsatsi ɗaya kuma ya ishe shi tashi gaba ɗaya, shi ya sa ba a kusantar da shi ga murhu ko taba ko ƙarfen da ke gogar ƙarfe. Marar hayaƙi bai damu da laima haka ba, zafi ne abokin gabarsa. Naitiroselulos yana ruɓewa a hankali da kansa, yana fitar da iska mai tsami wadda ke ƙara saurin ruɓewar, sai an sa masa sinadarin da ke shanye ta, kuma sinadarin yana ƙarewa da wuri a wuri mai zafi. Faransa ta yi asarar manyan jiragen ruwan yaƙi biyu a Toulon, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, kuma binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan Poudre B da ya lalace. A ƙasa irin tamu, inda ɗaki mai rufin kwano yake zama tanda a watan Afrilu, wannan abin kulawa ne. Garin da ya fara wari mai yaji da ke hawa hanci, ko ya fitar da jar ƙura, ko ya sa gwangwaninsa tsatsa daga ciki, ya riga ya lalace, yana kuma iya kama wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba.